Kafin laftof ɗinka ta kwana a shagon mai gyara

Na goge hoton fasfona da na takardar NIN, har Recycle Bin na share. Shi ke nan ko?

Da sauran aiki. Abin da Windows ta yi shi ne cire sunan fayil ɗin daga rajistarta, ta ce wurin nan babu kowa. Hoton kuwa sau da yawa yana nan kwance a faifan ajiya har sai wani sabon abu ya hau kansa. Da manhajar kyauta irin Recuva, yaron shago ma zai iya dawo da shi, lambar fasfo da ranar haihuwa duk a fili. Yawancin masu gyara mutanen kirki ne, amma kwamfutar da ta kwana a shago hannu nawa ta bi?

To yaya zan goge shi har abada?

Fara duba irin faifanka. Buɗe Task Manager, shiga Performance, a ƙarƙashin Disk 0 za ka ga HDD ko SSD.

In HDD ne, abin da sauƙi. Kwafe takardun a filashi, ka buɗe su a can ka tabbatar suna buɗuwa. Sannan ka bi kwafi-kwafin da ka manta da su, domin nan ake yin asara: Downloads, Desktop, foldar Scans da ke cikin Pictures, da hoton da ka sauke daga WhatsApp ranar cike fom. Hattara da foldar OneDrive, abin da ka goge a ciki zai ɓace a intanet ma. Ka goge, ka share Recycle Bin, ka buɗe Command Prompt da Run as administrator, ka rubuta:

```
cipher /w:C:\
```

Wannan umarnin yana bin duk filin da babu komai a faifan, ya rubuta a kansa har sau uku. Ba ya taɓa fayilolin da ba ka goge ba, shi ya sa gogewa ke zuwa da farko. Faifai mai 500GB kan ci sa'o'i, don haka sa caja. In ya gama, gwada Recuva da kanka: ko da tsohon sunan ya fito, bai kamata hoton ya buɗu ba.

Nawa SSD ne fa?

Nan ba zan ba ka tabbaci da wancan umarnin ba. SSD kan rarraba rubutu a wurare daban-daban don kada sashe ɗaya ya lalace, saboda haka sabon rubutun ba lallai ya sauka kan tsohon ba. Kunna BitLocker ko Device encryption, wato tsarin Windows da ke kulle abin da ke faifan, ka adana Recovery key, lambar buɗe shi, a takarda a gida, kuma kada ka ba da kalmar sirrinka. Canza madannai ko batir ba kasafai yake buƙatar kalmar sirrin ba.

Kwamfutar ma ba ta kamawa.

Ka ce, "Maigida, don Allah ciro mini faifan tukuna." Ya kwance a gabanka, ka sa a aljihu, ya yi gwajinsa da nasa faifan. Wasu siraran laftof ajiyarsu a like take da allon ciki, ba ta ciruwa. In taka irin wannan ce, zauna a shagon har a gama.