Rosashiya da bambancinta da kurajen fuska na manya

Rosashiya cuta ce ta fata mai daɗewa, wadda ke kama tsakiyar fuska: kumatu, hanci, goshi da haɓa. Galibi takan bayyana bayan shekara 30, tana lafawa tana dawowa.

Tarihi

Ana danganta bayaninta na farko ga likitan fiɗa ɗan Faransa Guy de Chauliac, a ƙarni na 14. Sunan ya fito daga Latin, yana nufin launin furen wardi. A farkon ƙarni na 19 likitocin Ingila suka sanya ta a jerin kurajen fuska, kuma wannan kuskuren ya daɗe yana sa ana yi mata maganin da ba nata ba. An kuma jima ana yi wa masu ita ƙazafin shan giya saboda jan hanci, alhali giya tayar da cutar kawai take yi, wanda bai taɓa kurɓa ba ma yana kamuwa.

Yadda ake bambance su

Kurajen fuska suna farawa ne daga toshewar ƙofofin gashi da maiƙo, shi ya sa ake ganin ƙananan ɗigo baƙaƙe ko farare. Rosashiya ba ta da waɗannan ɗigon, kuma nan likita yake fara dubawa. Kurajen manya, musamman a mata, sun fi fitowa a muƙamuƙi da haɓa, sukan ƙaru gab da al'ada, su kai ƙirji da baya.

Mai rosashiya kuwa, yana gama kofin shayi mai zafi sai fuskarsa ta yi ja, ta ɗau zafi da raɗaɗi na wasu mintuna. Da tafiya ta yi nisa jan ya zauna, siraran hanyoyin jini su fito a gefen hanci kamar zare. Idanu kan yi ƙaiƙayi kamar an zuba yashi. A wasu, galibi maza, fatar hanci takan yi kauri.

A baƙar fata jan ba ya fitowa sosai, wurin yakan yi duhu ne, don haka akan daɗe ba a gano ta ba. Raɗaɗi da zafin fuska su ne abin lura.

Abubuwan da ke tayar da ita

Rana ce kan gaba, sai zafin murhu, yaji, abin sha mai zafi, giya da ɓacin rai. Kowa da nasa, don haka ake rubuta abin da aka ci ko aka yi kafin kowane tashi. Man shafawa mai sitiroid, irin wanda ke cikin wasu mayukan bilicin, yana kwantar da ja da farko, daga baya ya tsananta shi. Goge fuska da ƙarfi ma yana ƙara tunzura ta.

Magani

Ba ta warkewa gaba ɗaya, ana dai shawo kanta. Likita kan rubuta metronidazol ko ibamektin na shafawa, ko doksisaikilin na sha. Hanyoyin jinin da suka riga suka fito kuwa, akan kawar da su da na'urar hasken leza. Har yanzu ana saɓani kan rawar da Demodex, wani mitsitsin ƙwaro da ke zama a ƙofofin gashin fata, ke takawa a cutar.