Wai mene ne "fos" ɗin da ake ta faɗa in an yi rashi a ƙasa?

Kwanakin nan duk wanda yake riƙe wa wani shago ko wani ɗan siyasa shafi a soshiyal midiya sai ka ji yana cewa "mun yi fos", musamman in wani babban abu ya faru. Har a rediyo na ji wani yana bayani wai fos shi ne a goge duk abin da ke shafi a sa baƙin hoto. Malam ba haka ba ne, kuma abin yana ci min rai.

Rabin rikicin daga bakinmu yake. Kalmar Turawa ta dakatarwa, wato pause, da kalmarsu ta saka rubutu a shafi, wato post, in suka shigo bakin Bahaushe duk "fos" suke komawa, don mu harafin farkon nan fa muke mai da shi kuma ba ma wahalar da kanmu da ƙarshen kalma. To ka ga oga zai kira ka a waya ya ce "ka yi fos yanzu yanzu", shi yana nufin ka tsayar, kai kuma ka ji ka saki. Ni dai na daina amfani da ita a wurin aiki, "dakatar da layi" nake cewa.

Layin kuwa shi ne fostin ɗin da ka riga ka jera wa manhaja, ka ce wannan ya fita bakwai na safe, wancan bayan azahar, kai kana can kana harkarka. Manhaja ba ta jin labarai. Dakatarwa ita ce ka hana dukkansu fita a lokaci guda, suna nan yadda ka rubuta su, ba a taɓa ko ɗaya ba. A manhajar Buffer sunan abin Pause Queue, a manhajar Sprout Social kuma Pause All.

Misalin da masu wannan aikin ba sa mantawa a Amurka ya faru. Ran 20 ga Yuli 2012 wani ya buɗe wuta a gidan sinima a garin Aurora da tsakar dare, mutum 12 suka mutu, da gari ya waye sai ga shafin wata mujallar ƙungiyar masu bindiga ta NRA a Tuwita yana yi wa maharba barka da safiya yana tambayarsu shirin ƙarshen mako. An goge, amma mutane sun riga sun ɗauki hotonsa.

Ni nawa darasin daren 15 ga Oktoba 2024 na same shi, daren da tankar mai ta fashe a Majiya ta jihar Jigawa, mutum sama da 150 suka rasu. Lokacin ina riƙe wa wani mai sayar da kayan kicin shafuka, na jera fostin uku uku kullum na sati guda a Fesbuk da Instagiram, 42 ke nan. Da asuba na ga labarin na dakatar da layi, na koma na kwanta ina ganin na gama. Wajen ƙarfe tara wata ƙawata ta turo min hoton tallarmu ta risho mai gas, da rubutun "wuta ba ƙaƙƙautawa" a jiki, a ƙasan labarin Majiya ta gan ta tana duba Fesbuk. Jikina ya yi sanyi.

Abin da ya faru shi ne tallar kuɗi ba ta cikin layi. Tana Ads Manager, wato wurin sarrafa tallan kuɗi na Fesbuk da Instagiram, da nata makunnin daban, kuma a ganina ta fi fostin haɗari don ita take bin mutanen da ba su ma san shafinka ba. Haka duk abin da ka jera kai tsaye a Meta Business Suite, manhajar su Fesbuk ɗin da kansu, dakatarwar da ka yi a wata manhajar ba ta isa can, sai ka shiga ka mai da su daraf ko ka ɗaga musu lokaci. Shi ya sa bayan ka danna kar ka yarda da maɓalli, jira lokacin fostin na gaba ya yi ka buɗe shafin da wata wayar ka gani da idonka.

Sannan dakatarwa ba ta'aziyya ba ce, duk da wasu sun mai da ita haka, har su rubuta "mun dakatar da tallanmu don alhini" da tambarin shago ɓaro-ɓaro a sama, wanda ni a wurina wannan ma talla ce. In za ka yi ta'aziyya ka yi ta da hannunka, gajeriya.

Sakin layin ma aiki ne. Na jira kwana uku, na bi 42 ɗin ɗaya bayan ɗaya, masu cewa "rangwamen yau Laraba" sun riga sun lalace na gyara musu rana, huɗu masu hoton harshen wuta kuwa na cire su gaba ɗaya. Tallar rishon sai da na canza mata rubutu kafin na sake kunna ta a watan Nuwamba.