Ambaliyar Rikkos a bakin mawaƙi: yadda za a rera ba tare da zuzutawa ba

Malam, ni ƙaramin mawaƙi ne a Jos. Ina son yin waƙa kan ambaliyar unguwar Rikkos da ke nan Jos, amma ina tsoron a ce ina neman suna da hawayen mutane. Ta ina zan fara?

Ajiye biron waƙa tukuna, ka ɗauki takarda ka raba ta gida biyu. A gefe ɗaya rubuta abin da rahotanni suka haɗu a kai: daren Lahadi ne, 22 ga Yulin 2012, a farkon azumi, aka tafka ruwa, madatsar Lamingo ta cika ta batse, ruwan ya auka wa Rikkos da unguwannin da ke kusa, rahotannin farko suka ce aƙalla mutum 35 sun rasu. A ɗaya gefen zuba duk wani "an ce" da ka ji a majalisa ko a teburin mai shayi. Gefen farko kaɗai ke shiga waƙa kai tsaye. Na biyun sai ka sami wanda abin ya faru a idonsa ya tabbatar maka.

To ai adadi ba ya zama a kari. In ce ɗaruruwa mana?

A'a. Nan ne mafi yawan mawaƙa ke zamewa, domin "ɗari" da "dubu" sun fi daɗin fita a baki, ga su da sauƙin samun amsa-amo. Amma matar da ta rasa 'ya'yanta ta san gidajen da aka yi zaman makoki, kuma da ta ji ka ƙara ko mutum ɗaya, sauran baitocin ma ba za ta yarda da su ba. In adadin ya ƙi zama, cire shi gaba ɗaya. Dama waƙa ba ta iya gogayya da labaran rediyo wajen lissafi.

A ce ka fara rubuta "Jos ta nutse, gawa bisa gawa, dubbai sun halaka". Ƙarya biyu ke ciki: Jos ba ta nutse ba, wasu unguwanni ne a gefen rafi, dubbai kuma ba su mutu ba. Gawa bisa gawan kuwa tayar da hankali ne kawai. Gwada wannan:

Daren Lahadi, cikin azumi, ruwa ya sauka,
Lamingo ta cika ta batse, Rikkos ta kwana kuka.
Da gari ya waye aka fito ana tonon laka,
Ga tukunyar sahur a kife, babu mai ɗauka.

Ɗango biyu na farko labari ne tsantsa, ga lokaci, ga wuri, ga dalili. Na ƙarshen shi ke ɗauke da nauyin, kuma babu gawa a cikinsa. Duk wanda ya taɓa tashi sahur ya gane abin da ya sami gidan. Sai dai tukunyar nan misali na kawo maka. Taka ka samo ta daga bakin mutanen unguwar, ko allo ne, ko buhun masara da ya jiƙe ya tsira. Lura kuma na ce "aka fito". Kada ka rera "muka fito" in ba ka riƙe shebur a wurin ba.

Zan iya ambaton sunayen mamatan?

Da izinin iyalansu, kuma ka je da ƙafarka, ka fara da ta'aziyya. In sun nuna ba sa so, sunan unguwa ya wadatar.

Laifin wa zan faɗa? Ko in ce ƙaddara ce in wuce?

Ƙaddara gaskiya ce, ka sa ta a amshi tare da addu'a. Amma ka ware baiti ɗaya ga abin da hannun mutum ya yi: shara a magudana, da gini a kan hanyar ruwa. Faɗi aikin, ka bar sunan mutum, domin da ka kama suna marsiyya ta koma zambo. Ka kuma tuna yawancin masu zama bakin rafi rashin kuɗin fili ne ya kai su, don haka kada baitin ya zama gori. Kuma ka san garinmu: ko da habaici kada maganar addini ko ƙabilar waɗanda abin ya shafa ta zama makami a waƙar.

Kiɗa da bidiyo fa?

Mai situdiyo zai so ya sa maka kukan mata da ƙarar tsawa a ƙarƙashin murya. Ka ce masa a'a. Kiɗan ya zama mai sanyi, wanda ba zai ja ƙafa zuwa rawa ba. A bidiyo kada gawa ta fito, ko fuskar mai kuka da ba a nemi izininsa ba. Kafin ka saki waƙar, kai ta Rikkos a waya, ka kunna wa dattawan da suka ga daren. In wani ya tsayar da kai ya ce "ɗana, ba haka aka yi ba", koma situdiyo ka sake wannan ɗangon, ko da amsa-amon zai sha wuya.