Tazarar Tayi da Sallama

Tazarar tayi da sallama ita ce bambancin da ke tsakanin farashi mafi tsada da wani mai saye ya taya a kan kadara, da farashi mafi araha da wani mai sayarwa zai sallama, a lokaci guda. Mai gaggawar saye yana biyan farashin sallama, mai gaggawar sayarwa kuma yana karɓar farashin tayi. Saboda haka wanda ya saya ya sake sayarwa nan take ya yi asarar tazarar, ko da kasuwa ba ta motsa ba. Ana auna ta ta hanyar raba bambancin da farashin da ke tsakiyar biyun.

Dalilan tazarar

Ana ganin abin a fili wajen ƴan canji na Yamai, inda kowane kuɗi ke da farashi biyu. Yuro yana shiga yana fita kullum, kuma tun 1999 darajarsa a daskare take a kan sefa 655.957, don haka ɗan canji ba ya tsoron ta faɗi yana riƙe da shi. Ribar da yake ɗorawa ƙarama ce. In aka kawo masa kuɗin da ba a cika nema ba, kamar dalar Kanada, sai ya taya da rauni, domin tana iya yin makonni a jakarsa, jarinsa a ɗaure, darajarta kuma tana hawa da sauka. Naira ba ta rasa masu nema, musamman a Birnin Ƙonni, amma ranar da take tangal-tangal tazararta kan buɗe.

Masana sun ƙara da wani dalili, wato tsoron wanda ya fi dillali labari. Mutumin da ya zo da sauri zai sayar yana iya sanin wani aibi da dillalin bai sani ba. Tunda dillali ba ya iya tantance shi daga sauran jama'a, sai ya faɗaɗa tazarar ga kowa don ya rufe asarar. A kasuwar da ciniki ya yi ƙaranci wannan tsoron ya fi ƙarfi, domin farashin ƙarshe da aka ƙulla yana iya zama na kwanaki da suka wuce.

Misali daga kasuwar hannun jari

Ƙasashe takwas na UEMOA, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma masu amfani da sefa, har da Nijar, suna da kasuwar hannun jari guda, BRVM, da ke Abijan, wadda ta fara aiki a 1998. Ana saye da sayarwa ta hannun kamfanonin dillanci da ake kira SGI. Hannun jarin Sonatel na Senegal yana cikin waɗanda aka fi juyawa, wasu kamfanonin kuwa sai a wuni ba a yi cinikin kirki a kansu ba.

A ɗauka wata ƴar kasuwa a Tawa tana son hannun jari 300 na kamfanin da ba a cika cinikinsa ba. An taya sefa 2,450, ana sallamawa a 2,550. Tsakiya 2,500 ke nan, tazara sefa 100, wato kashi 4 cikin 100. Sai dai 50 kaɗai ake sayarwa a 2,550. Mai sayarwa na biyu yana da 100 a 2,600, na uku yana da 150 a 2,680. In ta ce a saya ko nawa ne, za ta biya sefa 789,500, alhali a farashin tsakiya 750,000 ne. Ƙarin jika talatin da tara da rabi ke nan, sama da kashi 5 cikin 100, kafin ladan dillali. Ranar sayarwa ma haka za ta bi matakalar, amma zuwa ƙasa. Wannan ɓangaren ne sababbin shiga suka fi mantawa, don ba a rubuta shi a takardar caji.

Ana gane irin wannan kadara da duba adadin da aka jera a kowane farashi, da yawan cinikin kwanakin baya. Mai saye yana iya ƙayyade farashin da ba zai wuce ba, ko ya rarraba sayen. Haɗarinsa shi ne cinikin ya ƙi ƙulluwa.

Tarihi

Galibi ana danganta nazarin farko na tazarar ga Harold Demsetz, wanda a 1968 ya bayyana ta a matsayin kuɗin da ake biya don a samu ciniki nan take. Lawrence Glosten da Paul Milgrom sun tsara bayanin tsoron mai labari a 1985. A kasuwannin Amurka an daɗe ana faɗin farashi da kashi ɗaya cikin takwas na dala, wanda ya hana tazara sauka ƙasa da santi 12.5. An koma ɗaya cikin sha shida a 1997, sannan santi ɗaya a 2001, tazarar manyan kamfanoni ta ragu ƙwarai. Ko sauyin ya cutar da cinikin ƙananan kamfanoni, masana ba su daidaita ba.