Makin takardar taswira: cika yanki da lambar gidan dara

Makin takardar taswira shi ne duba aikin da malamin labarin ƙasa yake ba ɗalibai a kan taswirar da aka buga, inda ake so yaro ya yi abu biyu, ya cika wani yanki da fensir, sannan ya rubuta lambar da ke nuna inda wani abu yake, kamar rijiya ko masallaci ko gada. Ya fi tsanani a babbar sakandare saboda karatun taswira yana fitowa a jarabawar Wayek da Neko. Ido ɗaya za ka ga kamar makin nan ba wuya tunda lamba ce, ko daidai ko kuskure, amma fa kuskuren iri-iri ne kuma kowanne yana faɗa maka abin da yaron bai gane ba, to malamin da ya zabga jan biro kawai ya wuce ya zubar da wannan bayanin.

Layukan da ke kan taswirar sun yi gida-gida kamar na dara. Na tsaye lambarsu tana ƙaruwa in kana tafiya gabas, na kwance tana ƙaruwa in kana tafiya arewa. Ƙa'idar ita ce gabas tukuna sannan arewa, ko kamar yadda wasu malamai ke ce wa yara, sai ka bi soro ka shiga gida kafin ka hau bene. Kuma lambar ta layi ce, ba ta cikin gidan ba, kowane gida ana kiransa da layuka biyun da suka haɗu a kusurwarsa ta ƙasa ta hagu. Wannan shi ne ya bambanta shi da irin taswirar atlas da ake cewa B3, inda harafin da lambar suke tsakiyar gidan, kuma yaran da suka saba da waccan su ne suka fi ruɗewa.

A ɗauki misali, taswirar gwaji ta wani ƙauye da rijiya a gidan da layin tsaye 43 da layin kwance 27 suka haɗu a ƙasansa ta hagu. Amsar lamba huɗu 4327 ce. Yaron da ya rubuta 2743 ya gano gidan sarai, juya su kawai ya yi. Wanda ya rubuta 4428 bai juya komai ba, kusurwar sama ta dama ya karanta, kuma za ka tabbatar da haka in ka ga duk amsoshinsa sun ɗara na gaskiya da ɗaya a ɓangarorin biyu. Ta fuskar maki duka biyun sun faɗi, don 2743 wani wuri ne daban can nesa, wataƙila ma ba ya kan takardar, amma gyaran da za a rubuta musu a gefe ba iri ɗaya ba ne. Na farko kibiya ce ta juyawa, na biyu a ɗiga masa jan ɗigo a kusurwar da ya kamata ya duba.

Lamba shida ita ce mai rigima. Ana raba gefen gidan gida goma, a ƙiyasta nisan abin daga layin hagu sannan daga layin ƙasa. In rijiyar tana kashi 6 ta gabas da kashi 2 ta arewa, amsa 436272, wato 43 da 6, sai 27 da 2. Kuskuren da ya fi yawa a nan shi ne 432762, yaro ya rubuta lamba huɗunsa ya manna 6 da 2 a wutsiya, alhali ƙiyasinsa lafiya lau. To a taswirar da ma'auninta 1:50,000, gefen gida ɗaya santimita 2 ne a takarda, wato kilomita 1 a ƙasa, ke nan kashi ɗaya cikin goman nan milimita 2 ne kacal, mita 100 a fili. Bakin fensir da bai ji fiƙa ba ya kusa cinye wannan. Shi ya sa aka saba yin sassauci na ɗaya sama ko ƙasa a lamba ta uku da ta shida, 435272 ko 436273 su wuce, amma babu sassauci ko kaɗan a 43 da 27. Sai dai a yanke wannan kafin a buɗe takarda ta farko, in ba haka ba, ajin mutum sittin, na farkon tuli su sha tsanani na ƙarshe su sha sauƙi don malam ya gaji, kuma yaran suna haɗa takardunsu suna gwadawa, gobe da safe sai ka ji "Malam, ai iri ɗaya muka rubuta da shi."

Akwai kuma laifin da ba na yaro ba. Injin fotokwafi yana rage girman takarda ko ya yanke gefe, gidan da yake santimita 2 ya koma ƙasa da haka, duk wanda ya auna da rula ya kuskure, wani lokacin ma lambobin gefen ne suka gutsure. Don haka malam ya fitar da amsoshinsa daga kwafin da aka raba wa yara, ba daga littafin asali ba. In kusan rabin aji suka kawo amsa ɗaya da ba taka ba, koma ka sake duba taka.

Cika yanki shi kuma matsalarsa tana farawa daga tambayar. Jihar Katsina, da aka cire daga Kaduna a 1987, tana da ƙananan hukumomi 34, in ka ba yara taswirarta ka ce su cika "yankin Daura" ka jawo wa kanka, don wani zai cika ƙaramar hukumar Daura kaɗai, wani zai cika masarautar, wato Daura da Mai'aduwa da Sandamu da Zango da Ɓaure, wani ɗan gidan 'yan siyasa kuma ya cika shiyyar sanata mai ƙananan hukumomi 12 har da su Mashi da Dutsi da Mani, kuma ba wanda ya yi ƙarya. In an ce masarauta, makin biyar ne, ɗaya kowace ƙaramar hukuma, kuma ana cire ɗaya kan duk wadda aka ƙara ba ta ciki, in ba haka ba mai wayo zai goge duk arewacin jihar da fensir ya kwashe biyar ɗin a ɓagas. Tsallake iyaka kaɗan saboda rawar hannu ba a hukunta shi, abin dubawa shi ne ko an gane wane yanki yake nufi.

Hanya mafi sauri ita ce malam ya zana iyakar amsar a kan takarda mai shara-shara, ya sa alamar kusurwa biyu don daidaitawa, yana ɗora ta kan kowace takarda, in babu irinta a haɗa takardar amsa da ta yaron a ɗaga su wajen hasken taga. Kyan kala ba ya cikin maki. Yara da yawa ba su da fensir mai kala, wasu kuma, galibi maza, ba sa bambance ja da kore sosai, to layi-layi da ɗigo-ɗigo sun wadatar, muddin alamar da ke cikin akwatin bayani a gefen taswira ita ce wadda ke kan yankin. In yaro ya cika wurin daidai amma akwatin ya nuna wata alamar daban, makin akwatin kaɗai ake cirewa, na yankin yana nan.