Tambaya da Amsa: Yadda Ake Sanya wa Hoton Mutum Tabarau

Malam, ina da shagon hoto a Garuwa. An kawo mini hoton wani dattijo domin in ƙara masa tabarau kafin a wanke shi babba, amma duk yadda na ɗora a Photoshop na Faransanci, sai ya fito kamar an liƙa. Daga ina zan fara?

Ɗan'uwa, ka fara da neman inda haske ya fito a hoton. Ka ƙara girman idon dattijon, za ka ga ɗigon haske a cikin ƙwayar idon, kuma wurin da ɗigon yake shi ne ɓangaren da hasken ya fito. Mu ɗauka yana sama ta hagu, wato an ɗauke shi kusa da taga. To, duk ƙyallin da za ka sa zai zauna sama ta hagu, inuwa kuma ta faɗa ƙasa ta dama. Idan iyalinsa na da tabarau ɗin, ka karɓa ka ɗauki hotonsa da kanka, ka karkata shi yadda fuskar ta karkata, domin wanda aka ɗauka gaba da gaba ba zai zauna a fuskar da ta ɗan juya ba, kome ja da Ctrl+T.

Yaya zan sa ya zauna a hanci?

Ka sa shi a nasa Calque, wato shimfiɗarsa daban a saman hoton, ka daidaita faɗinsa da faɗin fuska, sannan ka karkata shi ya bi layin da ya haɗa idanu biyu, kowace ƙwayar ido ta kasance kusa da tsakiyar gilashinta, ta ɗan yi sama kaɗan. Gadar tabarau tana zama ne a kan karan hanci, kuma idan fuskar ta juya, hancin yakan rufe wani sashe na gilashin da ke nesa. Da Masque de fusion, wanda ke ɓoyewa ba tare da gogewa ba, za ka ɓoye wannan sashe, haka ma ƙarshen hannun tabarau da ke shigewa bayan kunne ko ƙarƙashin hula. Kada ka yi amfani da magogi, domin abin da ya goge ba ya dawowa cikin sauƙi.

Inuwar fa? Tawa kullum baƙa ƙirin take fitowa.

A nan yawancin aikin yake lalacewa, saboda inuwa biyu ce, mutane kuwa ɗaya suke yi. Ta farko ita ce ta inda tabarau ya taɓa fata, wato gefen hanci, kuma siririya ce mai duhu, bakinta a fili. Ta biyu ita ce wadda ƙasan firam ke jefawa a kumatu, kuma tun da akwai tazara tsakanin firam da fata, tana fitowa da faɗi da laushi. A hoton da faɗin fuskarsa ya kai ɗigo 1000, wato pixel 1000, nakan kwafi siffar firam ɗin, in sa ta ƙarƙashinsa, in matsar da ita ƙasa ta dama da ɗigo 15 zuwa 20, in tausasa bakinta da Flou gaussien na ɗigo 10 zuwa 12, sannan in rage Opacité zuwa kashi 35 cikin ɗari. Ta hanci kuwa Flou gaussien na 2 ko 3 ya ishe ta.

Launin inuwar kada ya zama baƙi. Ka ɗebo shi daga inuwar da ke ƙarƙashin hancin dattijon ko haɓarsa, ka mayar da yanayin Calque ɗin Produit, wanda Photoshop na Turanci ke kira Multiply. A fatarmu, baƙar inuwa takan koma toka-toka kamar an shafa gawayi. Kuma tun da kumatu ba allo ba ne, sai ka lanƙwasa inuwar ta bi tudunsa, ka share duk wadda ta zarce gefen fuska ta faɗa a bango.

Shin dole ne gilashin ya yi ƙyalli?

Ana bukatarsa, amma kaɗan. Ka zana siffar taga da farin launi a saman gilashin ta hagu, ka ɗan lanƙwasa ta, ka sa ta a Superposition da Opacité kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari. A kula, Superposition na Faransanci shi ne Screen, ba Overlay ba. Wannan ya sha rikita masu koyo da bidiyon Turanci. Ƙyallin ya kasance a ɓangare ɗaya a gilasai biyun, amma kada siffarsa ta zama kwafi sak, kuma kada ya rufe ƙwayar ido.

Idan tabarau na magani ne, akwai bambanci?

Akwai. Gilashin wanda ba ya ganin nesa yana rage girman ido, har gefen fuska ya shigo ciki ta cikinsa, na karatu kuwa, irin wanda dattawa suka fi sawa, yana ƙara masa girma. Idan na karatu ne, ka kwafi abin da ke bayan gilashin, ka ƙara shi da kashi 3 zuwa 5, ka yanke shi daidai bakin firam. Kafin ka wanke hoton, ka ƙara girmansa zuwa 100% ka gwada kaifin firam da na gashin gira. Idan firam ya fi kaifi, ka ba shi Flou gaussien na rabin ɗigo zuwa ɗaya.