"A rubuta mini tsarin kasuwanci": me ya sa ake mayar maka da tambaya?

Tambaya: Malam, don Allah ina son a taimaka a rubuta mini tsarin kasuwanci mai kyau. An ce sai da shi ake ba da rance, kuma lokaci ya kusa ƙurewa.

Amsa: Ɗan'uwa, da wannan saƙon kaɗai ba abin da zan iya rubutawa face tatsuniya. Kamar ka aika wa tela ne ka ce ya ɗinka maka kaya, ba yadi, ba awo, ba ka ma ce riga ce ko wando ba. Tsarin kasuwanci lissafi ne da aka yi wa bayani, kuma lissafin yana tsaye a kan abubuwa huɗu da kai kaɗai ka sani: hajar da za ka sayar, kuɗin da ke hannunka, wanda zai saya, da inda za ka kafa. In babu su, duk lambar da na rubuta daga kaina na ƙago ta, kai kuma za ka sa hannu a ƙasa ka ci bashi a kanta.

Tambaya: To in na ce kiwon kaji nake so, ai ya isa ko?

Amsa: An fara, amma da saura. Kajin ƙwai ko na nama? Masu ƙwai sai sun kai wajen wata biyar kafin su fara yi, kana ciyarwa ba ka karɓar ko sisi. Na nama, wato burela, a sati shida zuwa takwas an gama da su. Sana'o'i biyu ne daban, da jari daban.

Mu ɗauka burela ɗari kake nufi. Farashin da zan sa na misali ne, don kuɗin abincin kaji ba ya zama wuri ɗaya. Ka tambayi mai shago a garinku ka canja lambobin. A ce ɗan tsako naira 1,000 ne, ɗari sun kama 100,000. Kowace kaza za ta ci kusan kilo huɗu da rabi kafin ta isa sayarwa, wato kilo 450 ke nan gaba ɗaya, buhu 18 na mai kilo 25. In buhu 22,000 ne, abinci ya ci 396,000. Rigakafin cututtukan kaji irin su na Gumboro da Lasota, magani, gawayin ɗumama ɗaki da ɓuntun shinkafa na shimfiɗa, mu sa 40,000. Jimilla 536,000, kuma ban sa kuɗin keji, mazubin abinci da na ruwa ba, na ɗauka kana da su. Ka lura abinci kaɗai ya cinye kusan kashi uku cikin huɗu.

Tambaya: Ni dubu ɗari uku gare ni. Ba za a fara da su ba, sauran ya zo daga baya?

Amsa: Ka ga amfanin faɗin jari ke nan. Da na rubuta maka tsarin kaji ɗari ban san wannan ba, da na jefa ka rami. Cire kuɗin 'yan tsaki da na magani daga 300,000, saura 160,000, buhu bakwai ke nan. Satin farko da na biyu za ka ga buhu yana daɗewa har ka ce an tsorata ka ne kawai. Wajen sati na huɗu abincin zai ƙare, daidai lokacin da cikinsu ya buɗe, kuma ba su kai girman da za a saya da daraja ba. A nan ne mutum yake fara haɗa musu da dusa, girma ya tsaya, ko ya kira dillali ya kwashe su a wulaƙance.

Da wannan kuɗin kaji hamsin ne daidai kai: 268,000, ka riƙe ragowar don ko-ta-kwana. Kuma ka faɗa mini ko kuɗin naka ne, ko na adashe ne da za a ci gaba da zubi, ko na wani ne da ya ce a ba shi bayan wata biyu. Ranar biya tana canja tsari kamar yadda yawan kuɗin yake canja shi.

Tambaya: Maganar masu saye fa? Ai kowa na cin kaza.

Amsa: Wannan jumlar ita ce ta fi kashe masu kiwo, fiye da murar tsuntsaye a ganina. Mu koma kan kaji ɗarin nan. A ce biyar sun mutu, saura 95, kowace ta tsaya maka a kan kusan 5,640. In kana da masu abinci ko matan unguwa da za su saya a 7,000, ka tashi da 665,000, riba 129,000. In dillalin kasuwa ne zai kwashe a 6,000, kuɗin 570,000 ne, riba 34,000 bayan wahalar sati bakwai. Kaji ɗaya, keji ɗaya, mai saye ne kawai ya bambanta.

Ga wanda ya fi muni: kaji sun isa, ba ka shirya da kowa ba. Babbar burela tana cin kusan giram 180 a rana, su 95 za su ci kusan buhu biyar a sati, wato 110,000. Sati ɗaya na yawon neman ciniki ya lashe ribar nan ta farko saura ƙiris, kuma mai saye a kasuwa ɗaga kaza yake yi ya yi tayi, bai damu da buhu nawa ta ci ba. Shi ya sa nake son jin sunan sana'ar mai sayen: mai gashi ne a bakin titi da ke ɗaukar goma kullum, ko gidan abinci ne, kuma hannu da hannu yake biya ko sai ya sayar? Lokaci ma yana ciki. Wanda kajinsa suka isa ana jajiberin ƙaramar Sallah ba ɗaya yake da wanda nasa suka isa a Babbar Sallah ba, lokacin da kowane gida ya cika da naman layya.

Tambaya: Wuri kuma me ya shafa?

Amsa: Zafi, da farko. Burela mai nauyi ba ta jure zafin Afrilu na Sakkwato ko Maiduguri a ƙarƙashin kwano, don haka biyar ɗin da na sa za su mutu sai su ninka. Mai kiwo a Jos ba wannan ce damuwarsa ba. Da hunturu kuma kuɗin gawayi ne ke hawa. Sai ruwa: rijiya gare ka ko a wurin 'yan garuwa za ka saya? Gidanku ne ko haya, kuma maƙwabta za su jure wari? Nisanka da mai sayar da abinci ma kuɗin mota ne a kan kowane buhu.

Tambaya: Akwai masu sayar da rubutaccen tsari, suna kawai ake canjawa. In na kai irinsa fa?

Amsa: Ana ganewa tun a shafi na biyu. Za ka ga farashin buhu na shekarun baya, ciniki yana hawa kowane wata kamar matakala, ba kaza ko ɗaya da ta mutu, wani lokaci har sunan garin mai takardar na asali an manta ba a goge ba. Ko takardar ta wuce, jami'in banki zai tambaye ka baki da baki, wani ma ya zo ganin kejin. Ya ce, "Kaza ɗaya nawa take tsaya maka?" ka fara duba shafi, magana ta ƙare.

Ka kuma faɗa mini wa za a kai wa, don mai ba da rance irin Bankin Masana'antu yana neman ganin ta inda za a biya shi wata-wata, mai ba da tallafi kuma ya fi duba ko sana'ar za ta girma ta ɗauki ma'aikata. Da yawansu suna da fom ɗinsu, wasu kuma sai da rajistar CAC, wato hukumar yi wa kamfanoni rajista.

Tambaya: To yanzu me zan turo maka?

Amsa: Rabin shafi ya isa, ko da muryarka ce ka naɗa. Ka je shagon abincin kaji gobe ka rubuto farashin buhun abincin 'yan tsaki da na manya, da na ɗan tsako, ka sa kwanan wata. Ka zauna da masu gashi ko masu abinci uku, ka ji nawa suke saye, guda nawa a sati, da wa ke kawo musu yanzu. Ka auna ɗakin da za ka zuba su, tsawo da faɗi, ka faɗi gari da unguwa da watan da kake son farawa. Sai kuɗin da ke hannunka yau, ban da wanda aka yi maka alkawari.